An ba ni ranar tiyata: yaya zan gaya wa shugabana a wurin aiki? Tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na ma'aikacin da likita ya tsayar wa ranar aiki ne, irin aikin da ba na gaggawa ba: gwaiwa, basir, yanar ido, ƙarin mahaifa da makamantansu. Wanda aka kwasa rai a hannun Allah zuwa asibiti ba shi da zaɓi, 'yan'uwa ne za su sanar. Amma kai da ke riƙe da kati an rubuta rana a jiki, kana da makonni a gabanka, kuma yadda ka yi amfani da su shi zai sa ka yi jinya hankali kwance ko ka yi ta amsa waya daga kan gado. Maganar doka da ke ciki ta Najeriya ce. Misalin da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe na mai kula da sito ne a wani kamfani, wanda za a yi wa aikin gwaiwa ranar Talata 14 ga Oktoba.

Yaushe ya kamata in faɗa?

Da zarar asibiti ya ba ka rana. Idan da hali, ya zama da saura mako uku zuwa huɗu. Ba don wata doka ta yanka haka ba, sai don wannan ne lokacin da ake buƙata a nemo wanda zai riƙe kujerarka, ka nuna masa aikin, takardarka kuma ta bi tebur-tebur ta dawo da sa hannu. Wanda ya san yadda fayil ke kwana a ofis ya san mako ɗaya ba ya isa.

Idan likita ya ce lalle sai an yi aiki amma bai tsayar da rana ba, kada ka jira. Ka gaya wa shugabanka da baki cewa akwai aikin da za a yi maka cikin wata mai zuwa ko na bayansa, da zarar an sa rana za ka kawo a rubuce. Wannan ƴar magana tana hana a tura ka kwas ko a ɗora maka ƙidayar kayan ƙarshen shekara a daidai makon da za ka kwanta.

Wa zan fara gaya wa?

Wanda kake ƙarƙashinsa kai tsaye. Kada ka tsallake shi zuwa wajen manaja ko darakta ko da kuna ɗasawa da su, kuma kada ya ji a bakin abokan aiki. Shugaban da ya tsinci zancen a wurin shan shayi zai sa hannu a takardar, amma da ƙyar zai tsaya maka ranar da aka ɗaga aikin ko jinya ta yi tsawo. Bayan shi sai ofishin kula da ma'aikata, don a can ake lissafin kwanakin hutu da albashi.

Dole ne in faɗi sunan cutar? Ni dai kunya nake ji.

A mafi yawan lokuta ba dole ba ne, kuma wannan kunyar ce ke sa mutane da yawa yin shiru har ana gobe aiki. Magidanci ba ya son a ji kalmar gwaiwa ko basir a kansa, matar aure ba ta son zayyana wa shugaba namiji abin da ke mahaifarta. Ba laifi. Abin da wurin aiki yake buƙata daga gare ka abu uku ne: ranar da za ka tafi, ranar da za ka dawo, da abin da ba za ka iya yi ba idan ka dawo. "Za a yi mini aiki a ciki" ko "aikin ido ne" ya wadatar.

Doka ma tana tare da kai a nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin rashin lafiyar mutum da maganin da aka yi masa sirri ne, asibiti ba ya fitar da shi haka kawai ba da yardar mai shi ba, sai a wasu halaye kaɗan kamar umarnin kotu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman. Don haka kana iya roƙon likita ya rubuta takardar ofis ba tare da sunan cuta ba: za a yi wa wane tiyata rana kaza, yana buƙatar hutu kwana kaza, kada ya ɗaga kaya har rana kaza. Likitoci sun saba da irin wannan roƙo.

Amma ɓoye suna daban, ƙarya daban. Kada ka ce za ka ƙauye biki alhali asibiti za ka. Idan jinya ta zarce, ba ka da bakin neman ƙarin kwanaki, kuma ƙaryar ita ce za ta zama laifin da za a riƙe ka da shi. Akwai kuma ayyukan da lafiyar wasu ta rataya a kan taka, kamar tuƙi ko sarrafa inji. A nan likitan kamfani yana iya buƙatar cikakken bayani kafin ka koma, shi kuma sakamako kawai zai miƙa wa shugabanka, wato ka isa komawa ko ba ka isa ba.

Kwana nawa zan nema? Likita ya ce washegari za a sallame ni.

A nan mafi yawan mutane ke yin kuskure, don haka bari mu ɗan zauna a kai.

Ranar sallama ba ranar warkewa ba ce. Bayan tiyata akwai ranaku uku daban-daban: ranar da za ka bar asibiti, ranar da za ka iya aikin zaune, da ranar da za ka iya aikinka gaba ɗaya. Majinyaci yakan tambayi likita ta farko kawai, ya ji "kwana ɗaya", sai ya je ofis ya ce ai ɗan ƙaramin aiki ne, ran Litinin yana nan. Ran Litinin kuwa ko tari ya yi sai ya dafe mara.

Ga yadda abin yake ga mai sitonmu. Aikin gwaiwa ba ya ɗaukar dogon lokaci, sau da yawa akan sallami mutum ran nan ko washegari. Galibi akan sa raga a toshe wurin da hanji ke leƙowa, kuma naman jiki yana buƙatar makonni kafin ya kama ta da ƙarfi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu mutum yakan iya zirga-zirga da aikin tebur. Ɗaga abu mai nauyi kuwa akan hana shi na mako huɗu zuwa shida. To shi aikin mai sito rabinsa rubutu ne a littafin shiga da fita, rabinsa kuma kwali ne da buhu da hawa tsani. Idan ya ce wa shugabansa "mako biyu" ya yi shiru, ranar da ya dawo mota za ta tsaya a bakin sito, lebura ɗaya bai zo ba, a ce Malam ɗan kama mana. Mutum kuma ba ya son a ce ya cika raki, sai ya kama.

Abin da ya kamata ya kai wa shugabansa shi ne: zai kwanta Litinin 13 ga Oktoba, a yi aiki Talata 14, ya dawo aikin zaune Laraba 29 ga wata, amma ba zai ɗaga kaya ba har Talata 25 ga Nuwamba, wato cikar mako shida. Wannan rana ta ƙarshe ita ce wadda shugaba ya fi buƙatar ji, domin ita za ta gaya masa cewa yana buƙatar ƙarin hannu a sito na mako shida, ba biyu ba.

Kuma kafin ka tambayi likita, ka kwatanta masa aikinka da yadda kake zuwa. "Ma'aikacin kamfani ne ni" ba bayani ba ne. Ka ce masa: ina ɗaga kwali mai kilo 20, ina hawa bene hawa biyu, ina zuwa a kan babur ta hanya mai gargada. Wanda ke zuwa aiki a kan babur ko a Adaidaita Sahu, jijjigar hanya kaɗai tana iya ƙara masa kwanaki. Mai tuƙa mota kuma ana son ya jira har sai ya iya taka birki da ƙarfi ba tare da zafi ya sa ya ja ƙafa ba, kuma ba ya kan maganin ciwo mai sa barci.

Sauran ayyukan fa, haka lissafin yake?

Tsarin ɗaya ne, kwanakin ne suka bambanta. Matar da za a buɗe wa ciki a cire ƙarin mahaifa takan yi 'yan kwanaki a asibiti, sannan mako huɗu zuwa shida a gida, wani lokaci fiye. Idan ta ƙaramar huda aka yi da na'urar leƙe, dawowa takan fi sauri. Aikin yanar ido kuwa cikin kwanaki kaɗan mutum yakan koma harkokinsa, amma zai yi makonni yana ɗiga magani, kuma ana gudun ƙura da ruwa su shiga idon. Malamin makaranta mai rubutu da alli, ko mai aiki a fili lokacin hunturu, sai ya faɗa wa likita wannan, ya kuma tambaya ko ido na biyu zai biyo baya, don ya haɗa maganar hutun biyu a zama ɗaya. Lambar da likitanka ya ba ka ita ce abin dogaro, don shi ya ga jikinka. Mai ciwon suga, alal misali, rauninsa yakan yi jinkirin haɗewa.

Za a biya ni albashin kwanakin da ba na nan?

Ka fara duba takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata, don su ne yarjejeniyarku. Dokar Ƙwadago, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci albashi har na kwanakin aiki 12 a cikin shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya shaida. Sashen ya kuma ba mai ɗaukar aiki damar ya ce likitan da ya zaɓa ya duba ka. Kwana 12 ɗin nan shi ne mafi ƙanƙanta, kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka. Ka lura kuma cewa dokar ta fi shafar masu aikin hannu da akawu-akawu. Manyan jami'an mulki da ƙwararru yarjejeniyarsu ce ke magana, ma'aikatan gwamnati kuwa suna da nasu kundin ƙa'idojin aiki, wanda ya tanadi takardar hutun jinya da takardar sassaucin aiki, da kwamitin likitoci idan jinya ta yi tsawo.

Mu yi lissafi da mai sito, wanda ke aiki Litinin zuwa Juma'a. Daga 13 zuwa 17 ga Oktoba kwana 5, daga 20 zuwa 24 wasu 5, sai 27 da 28, sun cika 12 cif. Ran 29 ya dawo, bai yi asarar albashin ko kwana ɗaya ba. Amma a ce da damina zazzaɓi ya kwantar da shi ya ci kwana 3 daga ciki, saura 9 ke nan, za su ƙare ranar Alhamis 23 ga wata. Kwana ukun da suka rage, wato 24 da 27 da 28, sai ya nema daga hutunsa na shekara, ko ya yarda a yanke. Idan kuma kamfanin yana aiki ran Asabar, kwana 12 ɗin za su ƙare tun 25 ga wata. Irin wannan lissafi ake yi da ofishin ma'aikata kafin a kwanta, ba ranar da aka ga albashi ya zo da giɓi ba. Kada kuma ka manta da ranakun gwajin jini da ganin likitan allurar barci kafin aiki, da ranar komawa a duba ɗinki ko a cire zare, wadda takan faɗo cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan aiki.

Idan gwaiwar ko raunin a bakin aiki aka same shi, maganar ta shiga wani babi, na Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ka faɗi haka a rubuce tun da wuri.

Me zan ce idan na shiga ofishinsa?

Ka nemi minti goma a keɓe, ba a kan hanyar masallaci ko a gaban baƙi ba. Bayan gaisuwa, magana kamar haka ta isa:

"Ranka ya daɗe, dama likita ne ya ce za a yi mini aiki a ciki, an sa ranar 14 ga wata mai zuwa. Ba wani abin tayar da hankali ba ne, in sha Allahu. Ya ce mako biyu a gida, bayan nan zan iya aikin rubutu, amma ɗaga kaya sai bayan mako shida. Na ce bari in fara sanar da kai kafin in rubuta, don mu ga wanda zai riƙe sito. Kuma ina roƙon maganar ta tsaya tsakaninmu."

Zai ce Allah ya sawwaƙe, wataƙila ya tambaya mene ne ke damunka. Yawanci tausayi ne ba bincike ba. Idan ba ka son faɗa, "Matsala ce ta ciki, Yallaɓai, likita ya ce in an yi aikin shi ke nan" tana rufe zancen ba tare da ka yi masa rashin kunya ba. Mace kuma tana iya cewa "Lalura ce ta mata, ranka ya daɗe", da wuya namiji ya ƙara tambaya. Idan ma wannan ya yi mata nauyi, sai ta bi ta hannun wata babba a ofishin ma'aikata, shi kuma ta ba shi ranakun kawai.

Abu ɗaya da za a kiyaye: kada ka shiga kamar mai neman izinin yin rashin lafiya, har ka fara da "idan babu damuwa". Sanarwa kake yi da neman a tsara aiki tare.

Tunda mun yi magana ya amince, sai na sake rubutawa?

Ƙwarai kuwa. Ana canja wa shugabanni wurin aiki, suna tafiya Umara, suna mantuwa. Wanda ya gaje shi ba abin da zai gani sai kujera babu kowa, ga kuma takardar tuhuma ta rashin zuwa aiki ba izini tana jiranka. Takardar ba ta buƙatar tsawo: ranar kwanciya, ranar dawowa, abin da aka hana ka da ranar da hanin zai ƙare, sunan wanda zai riƙe aiki, da takardar likita a manne. Ka yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a ba ka, ka ajiye a gida inda iyalinka suka sani. Ainihin takardar likita ma ka ɗauki hotonta kafin ka miƙa.

Wanda ke aiki a shago ko gareji, inda babu fayil babu hatimi, sai ya gaya wa maigidansa a gaban wani babba guda ɗaya, ya kuma bi da saƙon waya mai ɗauke da ranakun. A nan ne ma ya fi kyau a fito fili a tambaya: "Alhaji, yaya za mu yi da kuɗin makon da ba na nan?"

Idan ya ce in ɗaga, aiki ya yi yawa a lokacin?

Kada ka amsa nan take. Ka ce za ka tambayi likita. Wasu ayyukan, kamar yanar ido, sukan jure ɗagin mako biyu ko uku ba wata illa. Wasu kuwa jira yana da haɗari. Gwaiwa tana iya maƙalewa, hanji ya shaƙe: kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi mai tsanani, ga amai, ga bayan gida ya tsaya. Wannan gaggawa ce ta cikin sa'o'i, kuma jinyarta ta fi ta aikin da aka shirya tsawo, ka ga ofis ɗin ma bai ci riba ba. Matar da ƙari ke sa ta zubar da jini kowane wata, jinkiri yana ƙara rage mata jinin da za a shiga tiyata da shi. Ga kuma layi: a manyan asibitocin gwamnati wanda ya bar ranarsa ta wuce yana iya jiran watanni. Idan likita ya ce ba a ɗagawa, ya rubuta hakan a layi ɗaya, ka kai. Idan duk da haka an matsa maka ko an yi barazanar kora, sai ka sanar da ƙungiyarku ta ma'aikata ko ofishin ƙwadago na jiharku. Rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana ƙarewa ne a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Idan asibitin ne ya ɗaga fa?

Yana faruwa sosai: jini ya hau a safiyar ranar, ko gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa, ko an kawo masu haɗari sun cika ɗakin tiyata, ko yajin aiki. Shi ya sa yake da kyau ka sa a takardarka cewa ranar tana iya motsawa. In an ɗaga, ka kira a ranar, ka koma aiki washegari, kada kwanakinka su ƙone a banza.

Me zan miƙa kafin in tafi?

Shafi ɗaya ya isa, amma a sa masa hannu. Mai sito zai ƙirga kaya tare da wanda zai riƙe masa, su biyun su sa hannu a kan adadin, sannan ya ba da makullai. In ba haka ba, duk abin da ya ɓace cikin mako biyun nan da sunansa za a rubuta. Ya lissafa motocin da ake jira da kayan da suka kusa ƙarewa. Kalmar sirrinka ta kwamfuta kuwa ba ta cikin abin miƙawa, a buɗe wa mai riƙon tasa. Ka kuma faɗi a fili cewa kwana biyu ko uku na farko ba za a same ka a waya ba, ka ba da lambar ɗan'uwa. Bayan allurar barci ana hana mutum tuƙi da sa hannu a muhimmiyar takarda na aƙalla awa 24, don kai bai gama washewa ba.

Ranar dawowa ta kusa, jiki kuma bai yi daɗi ba. Yaya zan yi?

Ka koma asibiti kafin kwanakin su ƙare, ba bayan sun ƙare ba. Zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja da zafi, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, duk alamun rauni ne da ya kamu, kuma ba a jiran ranar da aka ba ka ta komawa. Likita zai duba, in da buƙata ya ƙara maka kwanaki a sabuwar takarda. Ka sanar da shugabanka kwana biyu ko uku kafin ranar da yake sa ran ganinka, ka aika takardar ko da hotonta ne ta waya, ainihinta ya biyo baya a hannun wani.

Idan kuwa komai ya tafi daidai, mai sitonmu zai shiga ofis ranar Laraba 29 ga Oktoba da takardar sassaucin aiki a aljihu. Ya miƙa ta tun da safe, kafin motar farko ta tsaya a bakin sito, ya kuma tuna wa shugabansa cewa 25 ga Nuwamba ce ranar da zai sake taɓa kwali.